Kafin Ka Ce Ya Ci Gaba, Da Me Ka Auna?

Ƙannena da kuka shiga aikin horar da mutane ɗaya bayan ɗaya, kuna zama da mai ƙaramar sana'a ko ma'aikaci ko ɗalibi na tsawon watanni don ku taya shi gyara al'amarinsa, akwai tambayar da za ta jira ku a ƙarshen kowane aiki: shin mutumin nan ya ci gaba kuwa? Amsar da aka saba bayarwa ita ce shaidar bakin wanda aka horar. Ya ce ya ji daɗi, idonsa ya buɗe, Allah ya saka da alheri. Wannan godiya tana da daraja, amma ba awo ba ce, domin mutum mai kunya ba zai dubi wanda ya sha wahala a kansa wata shida ya ce masa aikin bai yi ba. Abin da nake so ku riƙe shi ne, a tsara ma'aunin tun ranar farko, kuma a tsara shi yadda zai iya fitowa ya ce mai horarwa ya gaza. Tun ran gini ran zane. Idan ka bari sai aiki ya ƙare sannan ka nemi abin da za ka auna, zuciyarka za ta kai hannunka kan abin da ya tashi, ta kau da idonka daga abin da ya tsaya cik, kuma za ka yi haka ba tare da niyyar yaudarar kowa ba.

Don kada maganar ta tsaya a sama, mu ƙaddara wata mai shagon ɗinki a Kano, tana da keke uku da yara biyu masu taya ta. Ta zo wurinka da kuka iri biyu: tana aiki dare da rana ba ta ganin kuɗi, kuma masu kawo mata ɗinki suna guduwa saboda saɓa alkawari. Kun yi yarjejeniyar wata shida. Kuskuren da sabon mai horarwa ya fi faɗawa shi ne ya ɗauki riba kaɗai ya ce ita ce alƙali. Gaskiya riba ce abin da ya kawo ta, amma ita ce ta ƙarshe wajen motsi, kuma hannaye da yawa ke juya ta: farashin zare da shafi, wutar lantarki, kuɗin man janareta, rashin lafiyar ɗa, lokacin biki. Idan riba ce kawai a hannunka, za ka yi wata uku ba ka san ko kana kan hanya ba. Shi ya sa ya kamata ka jera alamominka kamar yadda kake zaton canjin zai bi. Da farko akwai abin da ita da kanta za ta riƙa yi, wanda yake hannunta ɗari bisa ɗari: a nan, kwana nawa a mako ta rubuta kowane ɗinki da ta karɓa, da ranar da ta yi alkawarinsa, da kuɗin da ya shiga da wanda ya fita. Sai abin da wannan ɗabi'a ya kamata ta haifar cikin makonni: a cikin kayan da ta bayar, guda nawa aka karɓa ranar alkawari. Sai kuma na ƙarshe, abin da ya rage mata a wata bayan ta biya komai. Amfanin wannan jeri shi ne idan abu ya ƙi, za ka ga mahaɗar da ya tsinke. In ba ta rubutu, matsalar ɗabi'a ce. In tana rubutu amma alkawari bai gyaru ba, fahimtarka ta matsalar ce ke da gyara. In alkawari ya gyaru riba ba ta motsa ba, sai a duba farashinta ko kuɗin da ke zarcewa cefanen gida.

Alama uku sun isa, sai guda ɗaya ta tsaro, wadda zan tsaya a kanta domin ita aka fi mantawa. A 1975 masanin tattalin arziki na Birtaniya, Charles Goodhart, ya lura cewa da zarar hukuma ta mai da wata alama abin da take matsa wa lamba, alamar takan daina faɗin gaskiyar da take faɗa a da. Maganarsa kan harkar kuɗin ƙasa ce, amma tana aiki a shagon ɗinki daidai wa daida. Ka ce wa mai ɗinkin nan kowane wata za ka duba yawan kayan da ta cika alkawarinsu, to akwai hanya mai sauƙi ta ɗaga lambar: a gaggauta ɗinki, a bar baki ba a gyare ba, a miƙa wa mai kaya ranar da aka ce. Lambar za ta yi kyau, kayan kuma su dawo gyara bayan kwana biyu. Saboda haka duk alamar da kake turawa sama, tambayi kanka me za a iya ɓatawa don a ɗaga ta, sannan ka auna wannan abin shi ma. A nan, sai a riƙa ƙirga kayan da aka dawo da su gyara. Ba zargin matar kake yi ba. Kowane ɗan Adam da ya san ana kallon wani ɓangare na aikinsa zai karkata ƙarfinsa can, har da kai mai horarwar.

Sharaɗin kowace alama shi ne mutum biyu su ƙirga su sami amsa ɗaya. "Cika alkawari" ba ta kai wannan matsayi ba sai an yanke ma'anarta a rubuce: kaya ya cika alkawari idan an gama shi, an goge, yana jiran mai shi kafin a rufe shago a ranar da aka rubuta lokacin karɓa. Idan mai kaya ne bai zo ba, an cika. Idan an kira shi an ɗaga ranar, ba a cika ba, ko da ya yarda. Wannan ƙaramar magana ta ƙarshe ita ce za ta hana ku gardama a wata na huɗu, lokacin da za ta ce ai ta sanar da shi. Mudun da aka auna da shi ranar farko shi za a auna da shi ranar ƙarshe. In aka sake mudu a tsakiya, lissafin duka ya tashi aiki.

Yanzu sai awon farko, wato inda mutum yake kafin ka taɓa komai. Nan ne aikin ya fi zurfi, kuma nan ne gaggawa ta fi ɓarna. Mai horarwa mai zumuɗi yana so ya fara ba da shawara tun zaman farko, don a ga ya san aiki. Daure ka bar mata mako huɗu tana rubutu kawai, ba tare da ka gyara mata komai ba. A ce makon farko ta ba da kaya 10, guda 6 a kan lokaci. Na biyu 4 cikin 9, na uku 7 cikin 11, na huɗu 5 cikin 10. Jimla 22 cikin 40, wato kashi 55 cikin ɗari. Amma dubi abin da makonnin suka nuna ban da jimlar: ba tare da kowa ya yi komai ba, lambar tana yawo tsakanin kashi 44 da kashi 64. Da ka auna mako na biyu kaɗai ka kira shi mafari, sannan ka dawo a mako na uku, da ka yi shelar cewa horonka ya ɗaga ta da maki 20 cikin kwana bakwai. Wannan yawo shi ne babban abin da awon farko yake koya maka. Daga yau ka san cewa duk makon da ya faɗo tsakanin 44 da 64 bai ce komai ba, kuma bai kamata ku yi murna ko baƙin ciki a kansa ba. David McKenzie na Bankin Duniya ya yi rubutu a 2012 kan wannan matsala a binciken ƙananan sana'o'i: abu mai hawa da sauka kamar riba, awo ɗaya a farko da ɗaya a ƙarshe ba ya wadatarwa, gara a maimaita awon sau da yawa a ɗauki matsakaici. Idan masu bincike da ke da ɗaruruwan shaguna a hannu suna bukatar haka, kai mai shago ɗaya ka fi su bukata.

Akwai tarko biyu a awon farko da ya kamata ku san su da kyau. Na ɗaya, mutane ba sa neman mai horarwa ranar da komai ke tafiya daidai. Suna zuwa ne bayan wata mafi muni, lokacin da bashi ya taru ko babbar mai kawo ɗinki ta yi fushi ta tafi. Wanda aka same shi a can ƙasa kuwa, galibi zai ɗan taso ko da ba a yi masa komai ba, domin munanan abubuwan da suka haɗu masa a watan ba kullum suke haɗuwa ba. In ka ɗauki wannan wata a matsayin mafari, za ka karɓi ladan farfaɗowar da ba kai ka kawo ba. Maganinsa shi ne ka tono baya: tsohon littafin awo na shagon, saƙonnin shigar kuɗi a wayarta, ko tambayar yadda watanni uku da suka wuce suka kasance ɗaya bayan ɗaya. Na biyu shi ne lokaci. Duk wanda ya san tela ya san shekararsa ba shimfiɗe take ba. Daga tsakiyar Sha'aban zuwa daren Ƙaramar Sallah keke ba ya hutawa, sai kuma Babbar Sallah bayan kimanin kwana saba'in, daga nan kasuwa ta kwanta. In ka fara da ita a Rabi'ul Sani ka ƙare a Ramadan, riba za ta yi tsalle, alkawari kuma ya lalace saboda yawan aiki. In ka fara a Ramadan ka ƙare a Safar, sai akasin haka: ka ga kamar ka karya mata sana'a alhali ka gyara mata cika alkawari, ko kuma alkawarin ya gyaru ne don aikin ya ragu. Abin yi shi ne ka kwatanta wata da takwaransa na bara in akwai rubutu, in babu kuma ka rubuta yawan kayan da aka karɓa kusa da kowace lamba, don kashi 80 a watan kaya 20 ba ɗaya yake da kashi 80 a watan kaya 70 ba.

Da awon farko ya kammala, sai ku zauna tare ku rubuta yadda nasara za ta kasance da yadda gazawa za ta kasance. Hanya mafi dacewa da na sani ita ce wadda Thomas Kiresuk da Robert Sherman suka fitar a 1968 a Minnesota ta Amurka, don auna ci gaban marasa lafiyar ƙwaƙwalwa waɗanda kowannensu burinsa daban. Ana yi wa kowane buri matakai biyar, daga -2 zuwa +2, sifili kuma shi ne abin da ake sa ran samu in aiki ya tafi yadda ya kamata. Ga mai ɗinkinmu, a wata na shida, sifili shi ne kashi 70 zuwa 79 na kaya a kan lokaci. +1 shi ne 80 zuwa 89, +2 kuma 90 zuwa sama. -1 shi ne 50 zuwa 69, wato inda take yanzu, -2 kuma ƙasa da 50. Lura cewa an ajiye sifilin sama da 64, can bayan iyakar yawon da lambar ke yi da kanta, don kada sa'ar mako ɗaya ta kai ta can. Lura kuma an bar gurbin lalacewa, domin horo yana iya ɓata abu, kuma takardar da ba ta da gurbin hakan ta riga ta yanke hukunci kafin shari'a. Raunin wannan hanya sananne ne: mai horarwa zai iya sassauta sifilin don kowa ya haye. Shi ya sa ake so wani abokin aiki da ba shi da hannu a ciki ya duba matakan kafin a fara, a sa kwanan wata, kowa ya riƙe kwafi.

Bibiya kuwa, kowace alama da saurinta. Rubutun littafi ana duba shi mako-mako, kuma ba sai an haɗu ba: ta ɗauki hoton shafin ranar Asabar ta turo ta WhatsApp, ka ƙirga kwanakin da idonka. Cika alkawari da dawowar gyara, wata-wata, a haɗe makonni huɗu don yawon ya lafa. Riba ana rubuta ta kowane wata amma ba a yanke hukunci a kanta sai an haɗa wata uku. Kuma kada ka yi saurin cewa ɗabi'a ta zauna. Binciken da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a Landan kan mutane 96 ya nuna cewa lokacin da sabuwar ɗabi'a ke ɗauka kafin ta zama jiki ya bambanta ƙwarai, daga kwana 18 har zuwa 254, matsakaicin kuma kusan 66. Mako uku na rubutu ba fashi abin farin ciki ne, amma bai isa a cire ido ba. Abin da ya fi muhimmanci a tsarin bibiyar shi ne zaman wata na uku, kuma a rubuta tun farko me za a yi da sakamakonsa: idan rubutu ya kai kwana biyar a mako amma cika alkawari bai fita daga tsohon yankinsa ba, za mu ajiye shawarar da muke bi mu sake binciken matsalar daga tushe.

Mu ƙaddara haka ta faru. Kun kai ƙarshen wata na uku kuna aiki kan tsara lokaci, a kan zaton cewa rashin tsari ne ke sa ta makara. Rubutu ya tsaya a kwana shida a mako, amma wata na uku ya ba da 24 cikin 42, kashi 57. Babu motsi. Mai horarwar da ba shi da lamba a hannu zai ce a ƙara haƙuri, ko ya fara zargin ta da rashin himma. Kai kuwa kana da littafi, sai ku buɗe ku duba kaya 18 da suka makara ɗaya bayan ɗaya. Sai ga shi 13 daga cikinsu kayan da ake kai wa mai aikin wuya ne a wani shago, shi kuma yana riƙe su kwana huɗu ko biyar, ita kuwa tana yin alkawari kamar komai a hannunta yake. Ashe ba tsarin lokacinta ne ya lalace ba, lissafin alkawarin ne. Gyaran ba shi da wuya: duk kayan da zai fita waje a ƙara masa kwana biyar a alkawari, a kuma kai shi washegarin yanka maimakon a bari sai an gama haɗawa. A wata na shida aka sami 35 cikin 45, kashi 78, wato sifili a takardarku, abin da aka sa rai. Dawowar gyara ta kasance 5 cikin 45, a farko kuma 4 cikin 40, kusan ba canji, don haka ba da gaggawa aka sayi nasarar ba. Dubi yadda lambar da ta fi taimaka mata ita ce ta wata na uku, wadda ta ce ka yi kuskure.

Riba tana da nata rikicin. A ce matsakaicin abin da ke rage mata ya tashi daga naira 60,000 zuwa 72,000, ƙarin kashi 20. Kafin ka yi tafi, tuna cewa a 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 a shekara bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. A shekara irin wannan, wata shida kaɗai na cinye kusan kashi 14, abin da ya rage na ainihin ƙari bai wuce kashi biyar ba. Hanya mai sauƙi ita ce ranar da kake rubuta ribar wata, ka rubuta farashin shinkafa ko masara a kasuwar da take cefane, ka raba, ka ga abincin kwana nawa ribar ke saya. Game da yadda ake tambayar ribar kuma, akwai darasi daga Siri Lanka. Suresh de Mel da McKenzie da Christopher Woodruff sun gwada hanyoyi a kan masu ƙananan sana'o'i, suka wallafa a 2009 cewa tambayar mutum kai tsaye nawa ya rage masa a wata ta fi kusa da gaskiya a kan a tattara ciniki da kuɗin da aka kashe dalla-dalla a ɗebe, kuma masu sana'ar kan rage adadin cinikin da suke faɗa da kusan kashi 30. Don haka ka tambaye ta kai tsaye, da kalmomi iri ɗaya kowane wata, sannan ka gwada da littafi. In sun yi nisa da juna, galibi kuɗin da ake ɗiba daga aljihun shago a yi hidimar gida ne ba a rubutawa.

Na san abin da wasunku za su ce: ci gaban ɗan Adam ya fi ƙarfin lamba, wa zai ƙirga ƙarfin zuciya ko natsuwa? Akwai gaskiya a ciki, kuma ban ce komai ake ƙirgawa ba. Amma ku tuna hanyar matakai biyar ɗin nan a asibitin ƙwaƙwalwa aka haife ta, inda abin da ake nema ya fi na shagon ɗinki wuyar kamawa. Dabarar ita ce a tambayi mutum: in ƙarfin zuciyar ya zo, me za ki yi wanda ba kya iya yi yanzu? Mai ɗinkin za ta iya cewa za ta iya neman rabin kuɗi kafin ta yanka, ko ta ce wa 'yar uwa ba za ta karɓi ɗinkinta ana saura kwana uku Sallah ba. Waɗannan ana ganinsu, ana ƙirga su. Abin da zan gargaɗe ku a kai shi ne dogaro da "ba wa kanka maki daga ɗaya zuwa goma". George Howard da abokan aikinsa sun nuna tun ƙarshen shekarun 1970 cewa horo yana canza ma'aunin da mutum ke auna kansa da shi. Wadda ta ba kanta bakwai a iya riƙe kuɗi ranar farko, bayan wata uku da littafi ta ga irin ɓarnar da take yi, sai ta ba kanta biyar, alhali ta fi da iyawa. In za ka yi irin wannan tambaya, to a ƙarshe ka yi ta kashi biyu: nawa za ki ba kanki yau, kuma da idonki na yau nawa za ki ba kanki na ranar da muka fara? Ko da haka, ka ajiye amsar a gefen abin da aka gani an ƙirga, kada ta maye gurbinsa.

Wasu kuma za su ce awo yana takura mutum, yana mai da zama irin na amana ya koma kamar binciken haraji. Wannan ƙorafi ya fi na farko ƙarfi, domin mutanenmu ba sa son bayyana samunsu, kuma suna da dalili: akwai mai neman rance, akwai dangi, akwai miji ko kishiya. Amsar ita ce littafin nata ne, a shagonta yake kwana, kuma ka faɗa mata tun farko wa zai ga lambobin da wanda ba zai gani ba, ka kuma cika. Kada ka sa labarinta a tallarka sai da izininta. In rubutun yana cin fiye da minti biyar a rana, ya yi yawa, ka rage. In boko ba ta zauna mata ba, ajami ya isa, ko zane-zanen ƙirga a layi biyu, ko saƙon murya da yamma. Kuma ka kula da fuskarka ranar da lamba ta faɗi. In ta ga ranka ya ɓaci sau ɗaya, wata mai zuwa za ta kawo maka lambar da za ta faranta maka, daga nan kuma littafin ya zama na ado. Alamar haka ita ce makonni su fara fitowa sumul, babu hawa babu sauka, ko shafin mako guda ya zo da biro ɗaya da hannu ɗaya kamar a zama ɗaya aka cike shi.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne wannan: ko lambobin sun tashi, da me ka san kai ne sila? A nan dole a sauke kai. Da mutum ɗaya, ba tare da wani makamancinsa da ba a horar ba, ba za ka tabbatar ba, kuma duk mai horarwar da ya ce ya ninka wa wani riba yana faɗin abin da ya fi saninsa. Amma akwai abin da ke ƙara wa zato ƙarfi. Ka auna buri biyu tun farko, ka fara aiki a kan ɗaya ka bar ɗayan. Ga mai ɗinkinmu, a riƙa ƙirga cika alkawari da kuma karɓar rabin kuɗi kafin yanka, amma kada a taɓa maganar rabin kuɗin sai wata na biyar. In alkawari ya motsa bayan gyaran wata na uku, rabin kuɗi ya tsaya inda yake har sai da aka taɓa shi sannan ya motsa, to da wuya a ce kasuwa ce ko sa'a, domin kasuwa ba ta san jadawalinka ba. In kuwa duka biyun sun tashi tare tun kafin ka taɓa na biyun, wani abu ne daga waje ke ɗaga su, kuma ya kamata ka faɗi haka.

Awon ƙarshe ba a ranar sallama yake ba. A Dandora ta birnin Nairobi, Wyatt Brooks da Kevin Donovan da Terence Johnson sun haɗa mata masu sabbin sana'o'i da gogaggun 'yan kasuwa na unguwarsu, suka wallafa a 2018 cewa riba ta ƙaru da kusan kashi 20, amma ƙarin ya dushe yayin da haɗuwar ta daina. Wanda ya auna ana tsakiyar zama zai ce an yi nasara, wanda ya dawo daga baya zai ga wani abu daban. Don haka ka sa a yarjejeniya tun farko cewa za ka dawo bayan wata uku da rabuwa, ba da sabuwar shawara ba, sai don ka ga littafin: har yanzu ana rubutu, har yanzu ana ƙara kwana biyar ga kayan da ke fita waje, kashi nawa aka cika a watan da ba ka nan. Ga mai ɗinki, in zai yiwu ka sa wannan ziyara ta faɗo bayan wata Sallah, lokacin da tsarin ya sha matsi mafi tsanani. Kuma ranar da za ka haɗa lissafin shekararka, ka sa har da waɗanda suka daina zuwa a wata na biyu. In mutum goma suka fara, shida suka ƙare, biyar suka kai sifili ko sama, sakamakonka biyar cikin goma ne, ba biyar cikin shida ba. Waɗannan huɗun da suka ɓace, ka kira kowannensu sau ɗaya ka tambaye shi a wane mako ya daina rubutu da abin da ya faru a makon, ka rubuta amsar a takardarsa kamar yadda ka rubuta ta sauran.